Yadda Ake Lissafin Sauyin Kashi Cikin Ɗari Tsakanin Adadi Biyu, da Dalilin da Ya Sa Amsar Ta Dogara da Tushe

A ɗauka cewa buhun masara yana naira 40,000 a lokacin kaka, da damina ta kama sai ya koma naira 50,000, sa'an nan da sabon amfanin gona ya shigo kasuwa ya sake sauka zuwa naira 40,000. Kuɗin da ya hau naira 10,000 ne, wanda ya sauka ma naira 10,000 ne, amma idan aka yi lissafinsa da kashi cikin ɗari, hawan ya zama kashi 25, saukar kuwa kashi 20. Babu kuskure a cikin ko ɗaya daga amsoshin biyu. Abin da ya bambanta su shi ne adadin da aka auna naira 10,000 ɗin da shi, wato tushe, kuma wanda ya iya gane tushe a cikin tambaya ya gama da mafi wahalar wannan lissafi.

Matakin farko shi ne a tantance tushen kafin a taɓa alƙalami. Idan ana maganar sauyi a tsakanin lokuta biyu, tushe shi ne adadin da aka taso daga gare shi, ko da shi ne babba, ko da shi ne ƙarami. A hawan masarar an taso daga 40,000, saboda haka shi ne tushe, a saukar kuwa an taso daga 50,000, sai tushen ya koma kansa. Kalmar "daga" takan nuna shi a fili. Idan kuwa abubuwa biyu ake kwatantawa ba tare da batun lokaci ba, tushe shi ne abin da aka ce an fi shi ko an gaza shi. Wanda ya ce shinkafa ta fi masara tsada da kashi kaza ya ɗauki farashin masara a matsayin tushe, wanda ya ce masara ba ta kai shinkafa ba da kashi kaza ya ɗauki farashin shinkafa.

Mataki na biyu shi ne a fitar da bambanci, ta hanyar ɗebe tushen daga sabon adadi. A hawan masara, idan aka cire 40,000 daga 50,000 saura 10,000. Idan sabon adadin ya gaza tushe, na'urar lissafi za ta nuna alamar ɗebewa a gaban amsar, kuma ma'anar alamar ita ce ragi aka samu, don haka bai kamata a share ta ba.

Mataki na uku shi ne a raba bambancin da tushe, sa'an nan a ninka abin da ya fito sau 100. Ga yadda dukan aikin yake a layi ɗaya:

```
(50000 - 40000) / 40000 * 100 = 25
(40000 - 50000) / 50000 * 100 = -20
```

Layin farko yana cewa naira 10,000 rubu'in 40,000 ce, rubu'i kuwa kashi 25 ne cikin ɗari. Layi na biyu yana cewa wannan naira 10,000 ɗin dai ɗaya bisa biyar ce ta 50,000, wato kashi 20. Mai amfani da na'urar lissafi ya kula da baka biyun da suka kewaye ɗebewar, domin idan ya bar su, na'urar da ke bin ƙa'idar lissafi za ta fara yin rabawa kafin ɗebewa, ta ba shi amsar da ba ta da alaƙa da tambayarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ya fitar da bambancin tukuna, ya ga amsar, sa'an nan ya raba. Wanda yake aiki da Excel, tsohon adadi yana A2 sabo yana B2, zai rubuta `=(B2-A2)/A2` sa'an nan ya danna alamar % domin amsar ta fito a matsayin kashi.

Dalilin da ya sa tushe yake da wannan ƙarfi yana cikin ma'anar kashi cikin ɗari ita kanta. Idan aka ce kashi ɗaya cikin ɗari, ana nufin an raba wani abu gida ɗari an ɗauki gida ɗaya, kuma girman gidan ya danganta ne da girman abin da aka raba. Kashi ɗaya na 40,000 naira 400 ne, kashi ɗaya na 50,000 kuwa naira 500. Naira 10,000 tana ɗauke da 400 sau 25, amma 500 sau 20 kawai take ɗauka. Tamkar a auna hatsi guda ne da mudu biyu masu girma daban: hatsin bai ƙaru ba bai ragu ba, amma yawan awon da za a ƙirga ya sauya.

Wannan ne ya sa ƙari da ragi na kashi iri ɗaya ba sa mayar da mutum inda ya taso. Idan ɗan kasuwa ya ƙara kashi 25 a kan 40,000 ya kai 50,000, daga baya ya sanar da rangwamen kashi 25, rangwamen zai fita ne daga 50,000, wato naira 12,500, farashin ya sauka zuwa 37,500, ƙasa da inda ya fara da naira 2,500. Ko da ya juya tsarin, ya fara da ragi ya biyo da ƙari, nan dai zai tsaya, domin ragin kashi 25 zai kai shi 30,000, ƙarin kashi 25 na 30,000 kuma naira 7,500 ne kacal. Tazarar tana ƙara faɗi idan sauyin ya yi girma. Jarin da ya karye da kashi 50 yana buƙatar ƙarin kashi 100 kafin ya dawo yadda yake, saboda rabin da ya rage shi ne sabon tushe, kuma sai ya ninka kansa zai cike gurbin.

Tarihin kuɗin sefa ya nuna haka a aikace. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa a Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da ita: kafin nan sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, bayan nan sai sefa 100. An bayyana matakin a matsayin rage daraja da kashi 50, kuma haka ne idan aka dubi abin da sefa ke iya saya, domin sefa 100 da ke sayen faran biyu ta koma sayen ɗaya, ragin ɗaya daga cikin biyu. Amma ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke neman faran domin biyan kayan da ya yi oda daga waje, abin da ya gani shi ne farashin faran ya tashi daga 50 zuwa 100, ƙarin kashi 100. Lamari ɗaya ne, rana ɗaya, kuma kowane daga cikin alƙaluman biyu daidai yake a kan tushensa.

Akwai kuskuren da ake yawan yi idan ƙarin ya zarce ninki. A shekarar 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Bambancin 40,000 ne, idan aka raba shi da 30,000 aka ninka sau 100 za a sami kusan kashi 133. Wanda ya raba da 70,000 zai sami kusan kashi 57, amsar da ba ta dace da tambayar ba, domin hankali kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da ya fi ninki biyu na asalinsa ya ƙaru da fiye da kashi 100. Wanda kuma ya raba 70,000 da 30,000 kai tsaye zai sami kusan 233, wanda ke nufin sabon albashin kashi 233 ne na tsohon, ba cewa an ƙara kashi 233 ba. Sai an cire 100 na asali kafin ƙarin ya fito. Ƙari yana iya wuce kashi 100 ba iyaka, amma ragin farashi ko na yawan kaya ba ya wuce kashi 100, domin a nan abin ya ƙare ƙaf. Duk lissafin da ya nuna farashi ya faɗi da kashi 120, akwai yiwuwar an raba da sabon adadi ne a maimakon tsoho.

Mataki na huɗu, wanda mutane da yawa suke tsallakewa, shi ne a gwada amsar. A ɗauki kashin da aka samu a mayar da shi kan tushe, a ga ko zai kai ga sabon adadi. Ƙarin kashi 25 daidai yake da ninka tushe da 1.25, kuma 40,000 sau 1.25 ya ba da 50,000. Ragin kashi 20 daidai yake da ninkawa da 0.8, kuma 50,000 sau 0.8 ya ba da 40,000. Idan gwajin bai kai ga sabon adadi ba, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne abin da aka raba da shi.

Wannan hanya ce kuma ake bi idan tushen ne ya ɓace. A ce an biya naira 10,750 a kan kaya, kuma an san akwai harajin kashi 7.5 a ciki. Cire kashi 7.5 daga 10,750 kuskure ne, domin ba a kan wannan adadi aka ɗora harajin ba, kuma zai ba da 9,943.75. Daidai shi ne a raba 10,750 da 1.075, sai ainihin farashin ya fito, naira 10,000, harajin kuma naira 750.

Harajin nan ya kawo wani wuri da ke buƙatar kula da lafazi, wato lokacin da adadin biyu su kansu kashi ne cikin ɗari. A watan Fabrairu na 2020 harajin sayen kayayyaki a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Tazarar da ke tsakaninsu maki 2.5 ce, amma idan aka raba 2.5 da tushe, wato 5, harajin ya ƙaru da kashi 50, domin mai biyan naira 500 a kan kayan 10,000 ya koma biyan 750. A ganina mai rubuta rahoto ya fi samun kwanciyar hankali idan ya faɗi adadin biyu duka, daga kashi 5 zuwa kashi 7.5, maimakon ya ce an ƙara kashi 2.5, maganar da mai karatu zai iya fahimta ta fuska biyu.

Akwai inda lissafin ba ya aiki sam. Idan tushe sifiri ne, kamar shagon da bai sayar da komai ba a watan farko ya sayar da buhu 30 a na biyu, ba a iya rabawa da sifiri, kuma Excel zai nuna `#DIV/0!` a gurbin amsa. Idan tushen ƙanƙani ne, amsar takan fito daidai amma ta ruɗi mai sauraro, domin tashi daga buhu 2 zuwa buhu 6 ƙarin kashi 200 ne, alhali buhu huɗu kawai aka ƙara. Haka nan idan an taso daga hasarar naira 20,000 zuwa ribar naira 10,000, ƙa'idar za ta ba da amsa mai alamar ragi duk da cewa ci gaba aka samu, saboda tushen kansa yana ƙasa da sifiri. A waɗannan wurare uku ana ajiye kashi cikin ɗari ne, a rubuta ainihin adadin buhuna ko na naira, da watan da kowanne ya shafa.