Idan zane ya saɓa wa jadawalinsa

Na gaji da ganin sababbin ma'aikata suna haska zanen alƙaluma a gaban taro ba tare da sun gwada shi da jadawalin da aka ciro shi ba, kuma kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya taɓa kunyata ni. Na shirya rahoton cinikin takin zamani, na kwafi zanen daga Excel na liƙa shi a PowerPoint a matsayin hoto. Daren jajibirin taro akawu ya gyara adadin watan Maris daga buhu 480 zuwa 408, domin an juya lambobin wajen shigarwa. Na gyara jadawalin, amma hoto ba ya bin gyara, sandar Maris ta ci gaba da tsayuwa a 480. Shugaban taro ya dubi takardar hannunsa, ya dubi bango, ya ce, "Malam, wanne za mu ɗauka?" Daga nan babu wanda ya ƙara amincewa da sauran shafukana.

Tun ranar nake danna kowane zane da maɓallin dama na linzami. Idan `Edit Data` bai fito ba, to hoto ne, sai a sake ciro shi. Idan ya fito ma kada mutum ya saki jiki, domin zanen da aka cusa tare da littafinsa na Excel yana riƙe da nasa kwafin alƙaluman, wanda aka haɗa da fayil na waje kuma yakan buƙaci `Refresh Data`. Bayan haka ina kunna `Data Labels`, in buga jadawalin a takarda, in bi sanduna ɗaya bayan ɗaya da biro. Wanda ya ce ba shi da minti biyar na wannan aiki, ganda ce kawai take damunsa.

Kuskure na biyu shi ne ƙara layi a ƙasan jadawali alhali iyakar zanen ba ta kai wurin ba. Idan `Select Data` ya nuna `$A$1:$B$6`, kai kuma ka rubuta watan Yuni a layi na 7, Yuni ba zai fito ba, kuma babu gargaɗin da za ka gani. Ƙirga sanduna, ƙirga layukan watanni, dole su zo daidai.

Lambar da aka shigar a matsayin rubutu takan jingina a hagun gurbinta, zane kuma ya ɗauke ta sifili. Layukan da `Filter` ya ɓoye ba sa shiga zane sai an umarce shi. Sannan a duba inda ma'aunin gefe ya fara: idan daga 400 ne maimakon sifili, sandar 480 za ta ninka ta 408 sau goma a ido, alhali bambancinsu buhu 72 ne kacal.