Yadda ake zaɓen insturumen mai kyau da gane mai rauni ta lambar F

A ce kana da bayanan matasa a Jos, kana so ka san ko ƙarin shekara ɗaya a makaranta na ƙara albashi. Rigireshan na yau da kullum zai ruɗe ka, don mai kaifin kai shi ke daɗewa a boko kuma shi ke samun kuɗi ko da bokon ko babu. Shi ya sa ake neman insturumen, wani abu da ke tura mutum karatu amma shi kansa bai taɓa albashi.

Da farko ka zaɓe shi da hujja. Masanin tattalin arziki David Card ya yi amfani da kusancin gida da kwaleji a Amurka, kai ma kana iya ɗaukar nisan gida zuwa sakandare. To amma fa ka tsaya ka tambayi kanka, nisan nan ta hanyar karatu kaɗai yake shafar albashi? Wanda ya tashi kusa da Taminus makaranta na kusa da shi, haka kasuwa da aikin yi, ba kamar yaron ƙauyen Bassa ba, ka ga nisa ya samu wata ƙofar ke nan. Dole ka sa birni ko ƙauye cikin lissafin, kuma wallahi in insturumen ɗaya gare ka babu gwajin da zai wanke maka wannan sharaɗin, hujjarka ce kawai.

Sai matakin farko na lissafin, inda nisa ke hasashen shekarun karatu, a nan lambar F ke nuna ƙarfin insturumen. A Stata:

```
ivregress 2sls lnwage age urban (educ = distance), vce(robust) first
estat firststage
```

Don Allah kar ka ɗauki F na saman tebur, wancan na rigireshan ɗin ne gaba ɗaya, shekarun haihuwa da birni na iya kumbura shi. Wanda `estat firststage` ya ba ka shi ne na insturumen kaɗai. In insturumen guda ɗaya ne ma F ɗin t sau t ne. Misali ka samu tasirin nisa -0.12, kuskurensa 0.05, t ya zama -2.4, kana murna `p` ya sauka ƙasa da 0.05, alhali F ɗinka 5.76 ne. Mai rauni ne. Sakamakon zai karkata ya koma wajen rigireshan ɗin da ka gudu, tazarar amincin ma ba abin yarda ba ce.

Ƙa'idar F ya wuce 10 daga Staiger da Stock ta fito a 1997, ni dai a ganina mafi ƙaranci ce. Teburin Stock da Yogo na 2005 ya sa 16.38 ga insturumen ɗaya, Lee da abokan aikinsa a 2022 suka ce sai 104.7 kafin ka dogara da t na 1.96.

In insturumen ya fito da rauni kar ka yi ta jibga wasu raunanan a kai, karkatar ƙaruwa take. Ka nemi wanda ya fi ƙarfi, in babu ka kawo tazarar gwajin Anderson-Rubin, ita ba ruwanta da raunin insturumen, in ta fito da faɗi sosai ka rubuta ta haka nan.