Yadda Ake Raba Kuɗin Mai Tsakanin Waɗanda Suka Haɗu a Mota Ɗaya

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka koma haɗuwa a mota ɗaya idan tafiya ta taso, kowa ya kawo nasa kason na kuɗin mai. Inda saɓani ya fi tasowa shi ne lokacin da wani zai sauka a hanya, domin raba kuɗin daidai wa daida a kan kowane mutum yakan sa mai gajeriyar tafiya ya biya wa masu doguwa. Za mu bi lissafin ne da tafiya daga Kano zuwa Kaduna, wadda take kimanin kilomita 230: wajen 150 daga Kano zuwa Zariya, sai wajen 80 daga Zariya zuwa Kaduna.

Matakin farko shi ne a san man da motar take sha, kuma a nan bai kamata a dogara da allurar mai ba, domin a motoci da dama takan daɗe a sama sannan ta faɗo da sauri idan ta wuce rabi. Hanyar da ta fi inganci ita ce a shiga gidan mai kafin a bar gari, a cika tanki har famfo ya katse da kansa, a rubuta lambar da mitar tafiya take nunawa. Idan an isa, sai a sake cika tankin har famfo ya katse kamar na farko. Litocin da suka shiga a karo na biyu su ne ainihin abin da tafiyar ta ci, kuma su ne za a raba. Wanda aka zuba a Kano kuwa ba ya cikin lissafi, tunda mai mota ya tashi da cikakken tanki kuma an mayar masa da shi cikakke.

Idan ana so kowa ya san kasonsa tun kafin a tashi, wanda shi ne ya fi kwanciyar rai, sai a yi amfani da abin da mai mota ya riga ya sani game da motarsa. A ce tana shan lita ɗaya a kowane kilomita 10, a kuma ɗauka, don sauƙin lissafi, cewa ana sayar da lita naira 1,000. Tafiyar za ta ci lita 23, wato naira 23,000, kowane kilomita ya tashi a naira 100. Wannan adadi na kilomita ɗaya shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, don haka a sanya farashin ranar tafiya a madadin wanda aka ba da misali da shi. Na'urar sanyaya mota, da kaya masu nauyi, da tayar da iskarta ta yi ƙasa, da cunkoson da ake tararwa wajen fita ta Na'ibawa ko shiga ta Kawo, duk suna ƙara shan mai, saboda haka ƙarin lita biyu ko uku a kan ƙiyasi ba abin mamaki ba ne. Amma idan aka ƙiyasta lita 23 sai ga 35 ta shiga, to akwai matsala: ko dai ba a cika tankin sosai a karon farko ba, ko mai yana yoyo, ko inji yana buƙatar gani. Gyaran wannan na mai mota ne, bai dace a ɗora wa fasinjoji ba.

Mataki na biyu shi ne a yanka hanyar zango-zango, a duk inda wani ya sauka ko ya hau a fara sabon zango, sannan a raba kuɗin kowane zango a kan mutanen da suke cikin motar a lokacin. A ce mutum huɗu ne suka tashi daga Kano har da mai mota, ɗaya kuma zai sauka a Kwangila a Zariya. Zangon farko na kilomita 150 ya ci naira 15,000, idan aka raba huɗu kowa zai biya 3,750. Zango na biyu na kilomita 80 ya ci naira 8,000, kuma mutum uku ne suka rage, kowa zai biya kusan 2,670. Mai sauka a Zariya ya tashi da 3,750 ke nan, sauran ukun kuma kusan 6,420 kowannensu. Da an raba 23,000 gida huɗu kai tsaye, da an karɓi 5,750 a hannun mutumin Zariya, wato an ɗora masa naira 2,000 na hanyar da bai bi ba. Idan wani ya hau a Zariya ya maye gurbinsa, sai a raba 8,000 ɗin gida huɗu, kowa 2,000.

Ratse ma zango ne, amma na mutum ɗaya. Idan mai sauka ya nemi a shiga da shi har Samaru maimakon a ajiye shi a bakin titi, kilomitocin shiga da na fitowa duka a kansa suke, domin saboda shi kaɗai aka yi su.

Mataki na uku shi ne matsayin mai mota, kuma a nan ne kunya takan hana mutane magana har a rabu da ƙorafi a zuci. Mota ba mai kaɗai take ci ba. Kowace tafiya tana matso da lokacin juyen baƙin mai, tana cin taya da birki. Akwai hanyoyi biyu masu kyau. Ta farko ita ce a sa mai mota cikin rabo kamar yadda muka yi a sama, amma a ƙara wani abu a kan kuɗin kilomita, misali a mayar da naira 100 ta zama 120, ƙarin ya zama na kula da mota. Ta biyu ita ce a cire shi daga kuɗin mai gaba ɗaya, motarsa da tuƙinsa su zama kasonsa. A wannan tsarin za a raba 15,000 gida uku, kowa 5,000, a raba 8,000 gida biyu, kowa 4,000. Mutumin Zariya ya biya 5,000, sauran biyun 9,000 kowanne. A ganina ta farko ta fi adalci idan mai mota yana da tasa buƙatar a Kaduna, ta biyu kuma ta fi dacewa idan roƙonsa aka yi ya fito. Abin da bai kamata ba shi ne a haɗa biyun, a cire shi daga rabo sannan a sake ƙara masa kuɗin kula da mota.

Idan shatar mota aka ɗauka a tasha, lissafin bai canza ba, sai dai kuɗin da aka yi ciniki da direba shi ne yake maye gurbin kuɗin mai, kuma ba a ƙirga direba cikin masu biya. A ce fasinja huɗu sun yi shata a kan naira 69,000. Idan aka raba a kan kilomita 230, kowane kilomita naira 300 ne, zangon farko ya tashi 45,000, na biyu 24,000. Mai sauka a Zariya zai biya 11,250, sauran ukun kuma su ƙara 8,000 a kai, kowa 19,250. Wanda ya nemi a bar masa kujerar gaba shi kaɗai a motar da aka saba zaunar da mutum biyu a wurin, ko ya cika kujera da kayansa, kaso biyu ake ƙirga masa. Kafin a biya kuɗin shata a tambayi direba ko abin da ya faɗa ya haɗa da kuɗin tasha da na dawowarsa babu fasinja, domin waɗannan biyun ne ake yawan tayar da maganarsu bayan an kama hanya. Idan ba su ciki, sai a tara su da kuɗin shatar tun a tasha, sannan a raba jimillar a kan kilomita.