Yadda ake bambance jedayit da nefrayit da kuma jabun koren dutse

Jedayit da nefrayit su ne nau'o'i biyu na ainihin koren dutse mai daraja da ake kira jed. Da farko, a auna dutsen a kan ma'auni mai lambobi, sannan a ɗora kofin ruwa a kan ma'aunin, a mayar da lambar sifili, a rataye dutsen da zare cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. A raba nauyin farko da na biyu. Idan dutse ya yi giram 33, cikin ruwa kuma ma'auni ya nuna 10, sakamakon 3.3 ne, wanda ya dace da jedayit. Nefrayit yana tsayawa wajen 2.95, gilashi na yau da kullum kuwa kusan 2.5.

Daga nan a haska tocila ta bayansa, a duba da madubin ƙara girma. Kumfar iska alamar gilashi ce, launin da ya taru a cikin tsaga kuma yana nuna rini. Wanda aka wanke da asid aka cika da roba, sai ɗakin gwaji ke iya tabbatar da shi.

Wajen daraja, launi ne kan gaba, sannan yadda haske ke ratsa dutsen da laushin ƙwayoyinsa, shi ya sa koren jedayit na Myanmar wanda ba a rina shi ko cika shi da roba ba ya fi kowane tsada.