Darasi: Duba Ajandar Taro Kafin a Raba Ta

Ajanda ita ce takardar da ake jera batutuwan da za a tattauna a taro, kuma magatakarda ne yake tsara ta tare da shawarar shugaba. Wannan darasi ya shafi aikin da ake yi bayan an rubuta ta amma ba a kai ga raba ta ba, wato a zauna a bi ta layi-layi domin a ga ko lokacin da ake da shi zai ɗauke ta, ko an san abin da ake nema a kowane batu, da kuma ko akwai abin da bai kamata a kawo shi gaban jama'a ba.

Za mu ɗauki misalin wata ƙungiya ta masu noman rani a fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato, gefen Kogin Rima, wadda mambobinta 30 suke noman albasa. An kira taro a watan Disamba, daga ƙarfe 4:30 zuwa 6:00 na yamma. Magatakarda ya ware minti 10 domin addu'ar buɗewa da ta rufewa, sannan ya jera batutuwa 8, ya ba kowanne minti 10: karanta bayanin taron baya, rahoton ma'aji, batun taki, gyaran rumbun ajiye albasa, waɗanda ake bi kuɗin wata, saɓanin mutum biyu kan injin ban ruwa, sanarwa, da sauran batutuwa. A kan takarda lissafin ya cika minti 90 daidai.

Abu na farko da mai dubawa zai tambaya shi ne, minti nawa ake da su a zahiri. Mutanen da suka idar da sallar La'asar, wasu ma daga fadama za su taso, da wuya su hallara kafin ƙarfe 4:45. Ta ɗaya ɓangaren kuma ba a iya ƙara lokaci, domin a wannan wata rana takan faɗi a Sakkwato jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma da zarar an ji kiran Magariba taro ya watse ko an gama ko ba a gama ba. Ashe minti 75 ne a hannu, ba 90 ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma, shi ne raba lokaci daidai wa daida. Batutuwa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba a gane nauyin batu sai an ƙidaya bakunan da za su yi magana a kansa. A batun taki, wanda ya je kasuwa ya ji farashi zai buƙaci minti 5 ya yi bayani. Tun da magana ce ta kuɗin kowa, a ɗauka mutum 10 cikin 30 za su nemi izinin magana, kuma idan kowannensu ya tsaya a minti 2, wanda ba kowane dattijo ne zai iya ba, an ci minti 20. Ɗaga hannu da ƙirgawa za su ci minti 5, zaɓen waɗanda za su je sayowa da sa musu rana kuma wasu minti 5. Jimla minti 35 ke nan ga batun da aka ba minti 10. Duk ajandar da ka ga lambobinta iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, to, an raba lokacin ne kawai, ba a auna shi ba.

Daga nan sai a duba manufa. Kalmomin "batun taki" ba su gaya wa kowa abin da zai zo da shi ba: wani zai zo da kukan tsada, wani da labarin takin bara, kuma za a iya tashi ba a tsayar da komai ba. Kowane batu ɗayan uku ne. Ko dai sanar da mutane za a yi, ko a ji ra'ayinsu, ko a yanke shawara. Dole ne layin ya nuna wanne ne, ya kuma ambaci wanda zai gabatar. Sai a sake rubuta shi kamar haka: "Yanke shawara: a sayi yuriya da kamfa a dunƙule daga asusun ƙungiya, ko kowa ya sayi nasa? Ma'aji zai kawo farashi. Minti 35." Gwajin yana da sauƙi. Idan magatakarda bai iya hango jimlar da zai rubuta a littafin taro bayan an kammala batun ba, manufar ba ta fito ba tukuna. Wannan gyara yana kuma nuna jerin da ya dace, domin rahoton ma'aji sai ya gabaci batun taki, tun da ba a yanke shawarar saye ba a san abin da ke cikin asusu ba. Bai kamata kuma a tura batun taki zuwa ƙarshe ba, lokacin da hankali ya koma masallaci.

Sauran aikin shi ne cire abin da ke da wani wurin zuwa. Saɓanin injin ban ruwa na mutum biyu ne, kuma idan aka baje shi gaban mutum 30, kowa zai ja wa nasa, wanda zai iya sassautowa a asirce ma sai ya ƙi saboda idon jama'a. Wurinsa zauren shugaba, tare da dattawa biyu ko uku. Haka nan karanta sunayen masu bashi tozarci ne da ba ya kawo kuɗi. Ma'aji ya faɗi jimlar abin da ake bi a cikin rahotonsa, ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Gyaran rumbu kuwa na taro ne, amma bai nuna ba, saboda babu wanda ya san abin da aikin zai ci, kuma ba a buƙatar rumbun sai albasa ta kusa isa cira. A naɗa mutum uku su duba shi, su kawo ƙiyasi a taro na gaba. Sanarwar ɗaurin aure ko suna ana iya aika ta da saƙon murya a waya.

Cire batu yana bukatar ladabi, musamman idan babba ne ya kawo shi. Magatakarda zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, maganar rumbu ba a yar da ita ba. Na ga idan muka shige ta yau babu farashi a hannu za mu yi ta zagaye ne, shi ya sa na sa ta farko a taron wata mai zuwa." A ƙasan ajandar a rubuta inda aka kai kowane batu da wanda aka ɗora wa, don kada mai shi ya dawo da shi ta ƙofar "sauran batutuwa". Wannan layi shi ne ya fi cinye taro, saboda haka a ƙayyade masa lokaci, kuma a amince cewa ba a yanke shawarar kashe kuɗi a ƙarƙashinsa, domin waɗanda ba su halarta ba ba a sanar da su za a yi maganar ba.

Bayan gyara, addu'o'i sun sami minti 5, bayanin taron baya minti 5 (shawarwarin da aka yanke kawai za a karanta), rahoton ma'aji minti 10, taki minti 35, naɗa masu duba rumbu da sauran batutuwa minti 5, sai maimaita abin da aka tsayar da wanda zai aiwatar minti 5. Jimla minti 65, an bar minti 10 a ajiye saboda abin da ka iya tasowa.

Aikin gwaji: ku samo ajandar taron ƙungiyarku ko na kwamitin masallaci ko na iyaye da malamai. A gefen kowane batu ku rubuta ko sanarwa ce, ko jin ra'ayi, ko yanke shawara, ku ƙiyasta mutum nawa za su yi magana, ku haɗa mintocin, sannan ku gwada jimlar da lokacin da ke tsakanin hallarar mutane da sallar da ke tafe.