Darasi na Tara: Wasiƙar Neman Canjin Monita Mai Yoyon Haske

Monita irin ta yanzu tana da ƙananan fitilu a bayan gilashinta, su ne ke haska hoton da muke gani. Idan firam ɗin ya matse gilashin a wani gefe fiye da wani, ko an danne kwalin a hanya, sai haske ya riƙa tsiyayowa ta baki-baki. Za ka ga fari-fari ko rawaya-rawaya a kusurwa, musamman idan hoton mai duhu ne. Wannan ba laifin kwamfutarka ba ne, kuma ba ɗauke wuta da kawo wuta ke jawo shi ba. Ka riƙe wannan da kyau, domin wani mai kaya zai fara fakewa ne da wutar lantarki.

Kafin ka ɗauki biro, ka tabbatar. Da magariba ka rage fitilar shago, ka buɗe baƙin hoto ya cika allon, ka sa Brightness, wato ƙarfin hasken allon, daidai yadda kake aiki kullum. Sai ka ja da baya kamar taku biyu, ka karkata kai dama da hagu. Idan hasken yana gusawa ko yana dusashewa yayin da kake motsi, wannan ɗabi'a ce ta wani nau'in allon monita da ake kira IPS, ba za a canza maka ba. Idan kuwa ya kafe wuri guda ko ta ina ka duba, to yoyo ne. Ka jona monitar da wata kwamfuta, ka sake dubawa. Sannan ka ɗauki hoto da waya, amma ka rage hasken kyamarar har hoton ya yi kama da abin da idonka ke gani. Waya tana zuzuta haske a cikin duhu, kuma da mai kaya ya gane an ƙara gishiri, sauran maganarka ta rage nauyi. Kada ka danna gilashin, kada ka kwance bayanta, don hakan na iya kashe garanti.

Kamfanoni da yawa suna ɗaukar ɗan yoyo kaɗan ba komai ba. Saboda haka "ba ta yi mini ba" ba hujja ba ce. Abin da zai ɗaga wasiƙarka shi ne ka faɗi inda hasken yake, girmansa, da aikin da ya ɓata. Ga misali daga mai shagon hoto a Aboabo zuwa dillalinsa da ke Adum, a Kumasi:

Aboabo, Kumasi
Ranar ____

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kasuwa tana albarka. A ranar ____ na sayi monita mai inci 24 a shagonka, lambar rasit ____. Lambar da ke jikin takardar bayanta, wajen da aka rubuta S/N, ita ce ____. Rasit ɗin ya nuna garantin wata 12.

Tun ranar da na kunna ta, haske yake fitowa a kusurwar ƙasa ta hagu, faɗinsa ya kai tafin hannu, da wani siriri a gefen sama. Na gwada ta da kwamfuta biyu, bai gusa ba. Ba ta faɗi ba, ban kuma buɗe ta ba.

Alhaji, sana'ata gyaran hotunan biki da na fasfo ne. Baƙar riga takan fito toka-toka a wannan gefen, in na ƙara mata duhu na buga a takarda, sai hoton ya yi baƙi ƙirin. Takarda da tawada suna tafiya a banza.

Ina roƙon a canza mini da wata irinta cikin kwana 7. Idan babu irinta, a mayar mini da kuɗina. Kwali, wayoyi da takardunta duk suna nan, zan kawo da kaina. Ina so mu kunna sabuwar a gabanka kafin in ɗauka. Ga kwafin rasit da hotuna biyu na haɗo.

Na gode. Allah ya ƙara buɗi.
Suna da lambar waya: ____

Ka lura babu zargi ko barazana a ciki. Mutumin da gobe za ka koma wurinsa sayen tawada ne, kuma sau da yawa shi ma sai ya miƙa kayan ga wanda ya shigo da su, wasiƙarka ce zai nuna. Rasit na ainihi ya zauna a hannunka, kwafi kawai za ka bayar. Ka rubuta wasiƙar biyu, ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ka riƙe. Idan dillalin ba ya karanta Hausa, ka sa a juya maka ita zuwa Turanci ba tare da an sauya lambobin ba.

Aiki: Juya bayan wata monita ko talabijin, ka nemo S/N, ka kwafe lambar a littafinka. Sannan ka sake rubuta wasiƙar da sunan unguwarku da sana'arka, ka cike guraben, ka karanta wa na kusa da kai, ka tambaye shi a wace kusurwa hasken yake da abin da ka nema a yi maka.