Yadda ake mayar da takardar maganin yara daga Faransanci zuwa Hausa

Yawancin magungunan da ake sayarwa a Maraɗi, Damagaram da Yamai da takardar Faransanci suke zuwa, naɗe a cikin kwali, da ƙananan baƙaƙe. Uwar da za ta ba yaro maganin kuwa Hausa take ji. Aikin mai fassara shi ne uwar ta ja daidai adadin da ya kamata, a daidai lokacin da ya kamata, ta kuma gane alamar da za ta sa ta ajiye kwalbar ta nufi asibiti. Za mu ɗauki farasitamol na ruwa na yara, irin Doliprane mai 2,4 %, mu bi shi daki-daki.

Fara da kwali kafin takarda. Rubuta sunan maganin, ƙarfinsa da kamanninsa: na ruwa ne, ƙwaya ce, ko na sa wa a dubura. Suna ɗaya kan zo a duk waɗannan kamanni, kuma kowanne da takardarsa. Wakafin da ke cikin 2,4 % shi ne ɗigon da aka saba gani a Najeriya, wato 2.4, ba ashirin da huɗu ba. Ma'anarsa giram 2.4 a cikin mililita 100, ko miligiram 24 a kowace mililita. Riƙe wannan lissafi, da shi za ka binciki sauran.

Daga nan ka karanta takardar duka ba tare da ka ɗauki biro ba. Kashi shida take da shi, amma nauyin aikin yana kashi na biyu (abin da ya kamata a sani kafin a sha), na uku (yadda ake sha) da na huɗu (illolin da ka iya biyo baya).

A kashi na uku ake yin ɓarna mafi yawa. Takardar ta ce miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk awa shida, kada ya wuce miligiram 60 ga kowane kilo a yini. Cikin kwalin akwai sirinji, kuma lambobin da ke jikinsa kilo ne na nauyin yaro, ba mililita ba. Ɗauki yaro mai kilo 12. Za a ja ruwan har layin 12. Lissafa da kanka: 12 sau 15 ya ba da miligiram 180, in ka raba da 24 ka sami mililita 7.5. Yanzu a ce mai fassara ya ga lamba 12 a jikin sirinji ya rubuta "a ba shi mililita 12". Yaron ya sha miligiram 288 ke nan a sha ɗaya maimakon 180, kuma hanta ce ke ɗaukar wannan ƙarin. Don haka jimlar Hausa ta fito fili: "Ki ja maganin har lambar da ta yi daidai da kilon yaronki. In kilonsa 12, ki tsaya a layin 12." Ka ƙara da cewa sirinjin na wannan kwalba ne kaɗai, domin akwai farasitamol na yara mai 3 %, kuma awonsa daban. Kada ka maye sirinji da cokali don sauƙi. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, kuma inda takarda ta ce "cuillère à café" mililita 5 take nufi, "cuillère à soupe" kuma 15, saboda haka ka rubuta mililitar.

Sai lokaci. "4 fois par jour" in ka mayar da shi "sau huɗu a rana" ka faɗi daidai, amma ka bar ƙofa a buɗe, don rana a kunnen Bahaushe tana ƙarewa da magariba. Uwa na iya gama huɗun tsakanin hantsi da faɗuwar rana. Rubuta: "Tsakanin sha da sha a bar awa shida. Kada ya wuce sau huɗu a cikin awa 24, dare da rana." Wasu na son ɗaura shan magani a kan lokutan salla don a riƙa tunawa. A nan bai yi ba, domin daga la'asar zuwa magariba ko kusa da awa shida babu. Gara ka ba da misalin agogo: shida na safe, sha biyun rana, shida na yamma, sha biyun dare. Kuma kada "si besoin" ya salwanta a hanya, ƙananan kalmomi biyu ne amma su ke cewa in zazzaɓin ya sauka ba dole a sake ba.

A kashi na biyu, hani ya fito hani. "Ne donnez jamais" a Hausa "kada a ba shi ko kaɗan" ne, ba "bai kamata ba". Yaron da jikinsa ya taɓa ƙin farasitamol, da mai ciwon hanta mai tsanani, ba a ba su. Ka rubuta "ciwon hanta" ka bar "shawara", don shawara ta haɗa cututtuka da yawa a bakin mutane. Gargaɗin kada a haɗa shi da wani magani mai farasitamol a ciki, kamar wasu magungunan mura, ya sami layinsa shi kaɗai.

Illoli kuwa, ka fassara abin da ido zai gani. Inda takarda ta ce "réaction allergique", kwatanta: ƙuraje ko jan fata, borin jini, kumburin fuska ko wuya farat ɗaya, ko yaro ya galabaita nan take. Kusa da kowace alama ka sa abin yi: a daina maganin, a kai shi asibiti, kada a sake ba shi farasitamol. Kalmomin yawan faruwa ma awo ne da lamba a bayansu. "Fréquent" na nufin har mutum 1 cikin 10, "peu fréquent" 1 cikin 100, "rare" 1 cikin 1,000, "très rare" 1 cikin 10,000. In ka zuba su duka a "wani lokaci" ka tsorata uwa a banza, ko ka kwantar mata da hankali inda bai dace ba. Kada kuma ka yanke wata illa don tana da ban tsoro. Ba hurumin mai fassara ba ne.

Wurin shan fiye da kima yana son kulawa ta daban. Yaro na iya yin amai ko ya yi fari, yana iya kuma zama garau a yinin farko alhali hanta na lalacewa. Jimlar ta zama: "A kai shi asibiti nan da nan, ko da yana wasa lafiya lau."

Takardar ta ce in zazzaɓi ya wuce kwana uku a ga likita. An rubuta ta ne don Faransa, inda zazzaɓin cizon sauro ba shi ne abin farko da ake zargi ba. Ka fassara ta yadda take, sannan ka sa ƙarin bayani a ware, da amincewar likita ko mai ilimin haɗa magunguna, cewa yaro mai zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya tun ranar farko. Adireshin hukumar Faransa na kai rahoton illa ma ba zai amfani kowa a Tasawa ba, sai ka sa asibiti mafi kusa. In masu karatunka "masassara" suke cewa, rubuta masassara.

In ka gama, ka ba wani mai jin harsunan biyu Hausar kawai, ya mayar da ita Faransanci bai ga asalin ba, ku gwada lamba da lamba. Ma'aikacin lafiya ya duba ya sa hannu. Sannan ka karanta wa wata uwa a bayyane, ka miƙa mata sirinjin da kofin ruwa, ka ce yaronta kilo 12 ne. Kada ka ce komai, kalli inda za ta tsayar da sirinjin, ka tambaye ta ƙarfe nawa za ta sake ba shi in ta ba shi da azahar. Duk inda ta yi jinkiri ko ta kuskure, koma ka gyara jimlar, ka sake gwadawa da wata uwar da ba ta ji ta farko ba.